Renon Maraƙi Da Bokiti, Daga Haihuwa Zuwa Yaye

 

An nemi mu yi bayani a kan renon maraƙi da bokiti, tun daga ranar da aka haife shi har zuwa yaye. Mu dai fatake ne, ba likitocin dabbobi ba. Abin da za mu faɗa mun same shi ne daga bakin likitoci da kuma asarar da muka tafka da hannunmu, don kuwa kafin mu yaye maraƙi ɗaya lafiya sai da muka binne biyu.

Kowa a nan ya san yadda abin yake faruwa. Mota ta taso daga Arewa da shanu, kwana biyu a hanya, a iso kara nan Ibadan sai a tarar wata saniya ta haihu a cikin mota, ko kuwa ta haihu washegari. Mai ita yana sauri ya sayar ya juya, uwar ta tafi mahauta, ɗan kuma a bayar da shi a kan kuɗin da bai kai na tunkiya ba. Wani cikinmu ya saya ya kai bayan gida yara su riƙa ba shi madara. Bayan kwana goma sai ka ji an ce ai ya mutu, zawo ya kama shi, daga nan a yanke hukunci cewa maraƙi ba ya rayuwa a Kurmi in babu uwa. Mu ma haka muka ɗauka da can. Da muka bi diddigi sai muka ga ba Kurmi ba ce ta kashe namu, ba kuma rashin uwa ba. Na farko bai sami dakashi a kan kari ba, na biyu kuwa bokitinmu ne ya kashe shi.

Kafin mu shiga, bari mu faɗi wanda wannan magana ba ta shafa ba. In saniyarka Bunaji ce ko Bokolo, tana da lafiya, ta karɓi ɗanta, to ka bar mata abinta. Shanunmu na gida yawancinsu ba sa sakin nono sai sun ga ɗan a gabansu, madararsu kuma ba ta da yawan da za a ce a raba. Bokiti na maraya ne, da wanda uwa ta ƙi, da kuma ɗan saniya ruwa-biyu, wato irin haɗin Bunaji da Firisiyan da aka daɗe ana yi a Shika kusa da Zariya. Irin waɗannan sukan yarda a tatse su ba ɗa, kuma madararsu ta fi cikin maraƙi, don haka mai su yana so ya san lita nawa ɗan ya sha, lita nawa ta tafi kasuwa. Maraƙar da za mu ba ku labarinta 'yar irin wannan saniya ce.

An haife ta da asuba cikin damina. Abu na farko, muka share majinar da ke hancinta da bakinta, muka bar uwar ta lashe ta. Sai cibiya. Muka zuba aidin mai ƙarfi, wanda ake rubuta kashi 7 cikin 100 a jikin kwalbarsa, a cikin murfi, muka tsoma cibiyar gaba ɗaya har gindinta, da yamma muka sake. Kada a sa toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai. Cibiya ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jiki. In ƙazanta ta bi ta nan ba ranar za ka gani ba, sai bayan mako ɗaya ko biyu ka ga cibiya ta kumbura tana zafi, ko gwiwoyi sun kumbura maraƙi yana ɗingishi, ka yi ta zargin yara cewa su suka buge shi.

Daga nan muka sa ta a buhu muka rataya a sikelin da muke awon kaya. Ta yi kilo 26. Ku riƙe wannan lamba, don duk lissafin da zai biyo baya a kanta yake.

To, sai maganar dakashi, wato nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda saniya ke fitarwa in ta haihu. A nan za mu ɗan daɗe. Ɗan Adam yana samun garkuwar jiki daga uwarsa tun yana ciki. Maraƙi ba haka yake ba, mahaifar saniya ba ta barin garkuwar ta tsallaka, saboda haka yakan faɗo duniya ne ba shi da makamin yaƙi da cuta. Makamin yana cikin dakashi. Hanjin maraƙi kuwa a sa'o'in farko yana barin wannan garkuwa ta wuce cikin jini yadda take, amma ƙofar tana fara rufewa tun daga haihuwa. Bayan awa 6 ta ragu ƙwarai, bayan awa 24 ta rufe. Dakashin da ka bayar a rana ta biyu abinci ne mai kyau, yana kuma ɗan tsare hanji, amma ba ya shiga jini. Shi ya sa maraƙin da aka haifa cikin mota, aka tattake, bai sami miƙewa ya kama nono ba sai washegari, yakan zama abin tausayi ko nawa ka kashe masa.

Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a cikin awa 6 na farko, in da hali ma a fara kafin awa 2. Tamu mai kilo 26 ke nan tana bukatar wajen lita 2 da rabi. Muka wanke hantsar uwar da ruwan ɗumi, muka tsane, muka tatsa a kwano mai tsabta, muka ba ta lita 1 da rabi da kwalba mai kan roba, bayan awa 4 muka ƙara lita 1, da dare kuma muka sake ba ta. Kada a tafasa dakashi, daskarewa yake yi kamar ƙwai, amfaninsa ya tafi. Kada kuma a ɗaga kan maraƙi sama a ɗura masa da kwalbar lemo. In ya shaƙe, ruwan huhu yake tafiya, bayan kwana biyu ka ji yana tari yana haki.

Ga shawara ga mai sayen maraya a kara. Tambayar farko ba kuɗi ba ce, tambayar ita ce yaushe aka haife shi, kuma wa ya gan shi yana shan uwarsa? In uwar tana nan ba a tafi da ita ba, roƙi mai ita a tatsar maka dakashin kafin a rabu. In wata saniya ta haihu a ranar, nata ma ya yi. Wanda ke da firiza mai samun wuta yana iya ajiye ragowar dakashi a leda mai tsabta, ranar bukata a narkar da shi a cikin ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba. Akwai haɗin da ake yi da ɗanyen ƙwai da madara ga wanda ya rasa dakashi sam. Yana riƙe ciki, amma kada wani ya ce muku ya maye gurbin dakashi. In maraƙi ya kwana ya wuni bai sha komai ba, mu dai yanzu ba ma saye, ko da kyauta ce sai mun yi tunani.

Kwana uku maraƙarmu tana shan nonon uwarta na farkon nan, sau uku a rana. Tun rana ta biyu muka fara koya mata bokiti, don wanda ya daɗe yana shan uwa ya fi taurin kai. Yadda ake yi, a bar ta ta ji yunwa kaɗan, a matsa da ita lungu ta yadda ba za ta ja da baya ba, ka tsaya ka sa wuyanta tsakanin ƙafafunka. Ka wanke hannu, ka tsoma yatsu biyu a madara ka sa mata a baki. In ta fara tsotsa sai ka riƙa sauke hannun a hankali har bakinta ya taɓa madarar, ka ɗan buɗa yatsun madara ta bi tsakaninsu. Hancinta ya zauna a sama, kada ka danna kanta ciki, maraƙin da ya shaƙi madara sau ɗaya yakan tsorata da bokiti. In ta kama sha sai ka zare yatsun. Tamu sai a karo na huɗu ta gane, bayan ta yi mana wanka da madara har sau biyu. Bokitin kuma kada a ajiye shi a ƙasa, a ɗan ɗaga shi sama. Wanda ya sami bokiti mai kan roba a gindi, wannan ya fi, don tsotsa ta fi kurɓa.

Akwai dalilin da ya sa ake wannan wahala. Cikin saniya ɗaki huɗu ne. A babba tumbi ne ya fi girma, nan ciyawa ke zama. A jariri kuwa tumbin ƙarami ne bai fara aiki ba, ɗaki na huɗu ne ke narkar da madara. In maraƙi yana tsotsa cikin marmari, akwai wata tsoka da ke naɗewa ta zama kamar kwararo, ta wuce da madara kai tsaye zuwa ɗaki na huɗu, inda take daskarewa kamar kindirmo ta narke sannu a hankali. In kuwa ya kwankwaɗa da gaggawa, ko madarar ta yi sanyi, ko yau an ba shi da hantsi gobe da azahar, sai wani kaso ya zube cikin tumbi ya yi tsami a can. Alamarsa ciki ya kumbura, gashi ya tashi, kashi ya yi fari-fari mai danƙo, maraƙi yana sha amma ba ya gaba.

Saboda haka abu uku ba ma canzawa, lokaci da ɗumi da yawa. Lokaci, bayan sallar asuba da bayan la'asar, kullum. Ɗumi, kamar yadda ta fito daga hantsa, wajen digiri 38 zuwa 39. In ta huce, a sa kwanon a cikin ruwan zafi har ta dawo, a gwada a bayan hannu kamar yadda mata ke gwada wa jariri. Kuma kada a tsinka madara da ruwa don ta yi auki. Mun san halinmu na 'yan kasuwa, amma a nan wanda ka cuta kanka ne, don madarar da aka tsinka ba ta daskarewa da kyau a ciki, abincin da ke cikinta kuma ya ragu.

Yawan kuwa, kashi ɗaya cikin goma na nauyi a kowace rana shi ne mafi ƙaranci. Da can a nan ake tsayawa, amma yanzu masana sun fi son a haura haka, don maraƙin da ya ƙoshi ya fi jure cuta. Ga yadda muka yi da tamu. Daga rana ta 4 zuwa ta 7, lita 3 a rana. Daga mako na 2 zuwa ƙarshen na 6, lita 4, biyu da safe biyu da yamma. Mako na 7 da na 8, lita 3. Mako na 9, lita 2. Mako na 10, lita 1 da safe kawai. In kun tara za ku sami lita 215. Duk mai niyyar sayen maraya ya ɗauki wannan lamba ya buga da kuɗin lita ɗaya a inda yake saye, ya ɗora a kan kuɗin maraƙin, sannan ya ga ko arahar da ya gani araha ce.

Wanda ba shi da saniya a gida, madarar da zai saya daga ruga ya dafa ta ta huce zuwa ɗumin jiki kafin ya bayar, saboda bakkale da tarin fuka suna bin ɗanyar madara. Akwai garin madara da ake yi musamman don maruƙa, galibi ana dama giram 125 a sami lita ɗaya, amma a bi abin da aka rubuta a jikin buhun. Koko da kunu kuwa ba sa maye gurbin madara. Cikin maraƙin da bai kai mako uku ba ba ya iya narkar da gari, zawo kawai zai sa shi.

Yanzu ga bokitin da muka ce ya kashe mana maraƙi na biyu. Shi wannan ya sami dakashi, ya koyi sha, yana tsalle. Bokitin da muke ba shi madara tsohon bokitin roba ne da ya sha kankara, yaro yakan ɗauraye shi da ruwan rijiya ya ajiye a ƙasa, kaji su hau, da yamma a sake zuba madara. Ido yana ganinsa fes. Ranar da likita ya zo, bayan aikin gama ya gama, sai ya ce mu goga yatsa a cikin gindin bokitin mu shinshina. Muka ji santsi, muka ji ƙarni. Ya ce to wannan santsin maiƙo ne da ragowar madara, a cikinsa ƙwayoyin cuta ke kwana suna hayayyafa, kuma a irin zafi da laimar ƙasar nan ba sa bukatar dogon lokaci. Kullum sau biyu muna dama masa cuta da hannunmu.

Ga wankin da ya koya mana, kuma jerin yana da dalili. Da maraƙi ya gama sha, nan take a ɗauraye da ruwa mai ɗan ɗumi. Kada a fara da tafasasshen ruwa, don zafi yana dafa ragowar madara ta manne a jikin roba, kamar yadda ƙwai ke kama tukunya. Bayan ɗauraya sai ruwan zafi sosai da sabulu da buroshi, a bi gindi da baki da inda mariƙi ya shiga. Sannan a ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa bilic, a kife a kan wani abin da ya ɗaga daga ƙasa inda iska da rana za su same shi. Bushewar nan rabin aikin ce. Kada a cusa bokiti cikin bokiti suna jiƙe. Kowane maraƙi da nasa, a rubuta lamba da fenti, kuma bokitin madara ba ya zuwa wanki ko ɗiban ruwan gida. In roba ta kakkarce a sauya ta, don buroshi ba ya shiga cikin karcen. Na silba ya fi sauƙin wankewa ga mai hali.

Makwanci ma haka. Ruwan sama a nan ya fi na gida yawa kuma ya fi daɗewa, maraƙin da ke kwana a laima kuwa ba ya rabuwa da zawo da tari. Mun yi wa tamu ɗan keji da katako, an ɗaga daɓensa daga ƙasa, an bar 'yan tazara tsakanin katakan don fitsari ya zube, aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ga rufi, gefe kuma a buɗe iska na wucewa. Gwajin shimfiɗa mai sauƙi ne, ka durƙusa a kai da wandonka, in ka tashi gwiwa ta jiƙe to a sauya. Ana kwashe kashi kullum. In maraƙi ya bar keji, a wanke, a zuba farar ƙasa, a bar shi ya sha rana kafin a sa wani. Sabon maraƙi daga kara kuma kada a haɗa shi da na gida sai ya yi mako biyu shi kaɗai.

Duk da wannan, a rana ta 11 maraƙarmu ta yi zawo. Muna faɗin haka ne don kada wani ya ɗauka tsabta tana hana cuta gaba ɗaya. Ragewa take yi, dakashi kuma ya sa in ta zo ta zo da sauƙi. Da safe muka ga ta bar rabin madararta, wutsiya ta ɓaci, kashi ruwa-ruwa mai ruwan ɗorawa. Abin da ke kashe maraƙi a zawo ƙarewar ruwan jiki ne, don haka shi ake fara dubawa. Ka kama fatar wuya ka ja ka saki. In ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya daƙiƙa 2 zuwa 5 kafin ta kwanta, ruwa ya ragu sosai. Ka duba ido ko ya faɗa, ka sa yatsa a baki ka ji ko tana tsotsa da ƙarfi. Tamu fatar ta ɗan tsaya, amma tana miƙe tana tsotsa, ma'aunin zafi da muka sa ta dubura ya nuna digiri 39, wato ba zazzaɓi, don zazzaɓi daga 39 da rabi yake farawa. Maraƙa mai kilo 30 a wannan hali ta yi asarar ruwa wajen lita 2, kuma tana ci gaba da zubarwa.

A nan mutanenmu ke yin kuskure biyu. Na farko, a haɗa ruwan gishiri da sukari irin na yara. Sukarin shayi ba ya narkewa a cikin ɗan maraƙi, ƙara zawon yake yi. Gulukos ake sawa. In an sami ƙullin da ake sayarwa a shagon maganin dabbobi, shi ya fi. In babu, ga abin da muka haɗa: ruwan da aka tafasa ya huce lita 2, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, bekin soda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, gulukos giram 50. A lura, bekin soda muka ce, ba bekin foda ba, ba kuma sodar yin sabulu ba, wannan guba ce. Kuskure na biyu shi ne a yanke madara kwana biyu ko uku wai a huta da ciki. Da haka ake koyarwa, amma an bar wannan, don ruwan gishiri ba abinci ba ne, maraƙi ga zawo ga yunwa sai ya faɗi. Mu mun ci gaba da madara safe da yamma, ruwan haɗin kuma lita 1 da rabi da hantsi, lita 1 da rabi da dare, muna barin tazarar awa 2 zuwa 3 tsakaninsa da madara, saboda sodar tana hana madara daskarewa in sun haɗu. A rana ta huɗu kashi ya fara kauri. Ko kafso ɗaya ba mu ba ta ba.

Amma akwai inda dabarar gida ke ƙarewa. In maraƙi ya kasa tashi, ko ya daina tsotsa, ko ido ya faɗa sosai, ko baki da ƙafafu sun yi sanyi, ko akwai zazzaɓi, ko jini a kashi, a kira likita a ranar, don wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya ko allura. Ku gaya masa kwanan maraƙin daidai, yana taimaka masa. Zawon kwanaki huɗu na farko daban yake da na mako na biyu, zawo mai jini bayan mako uku kuma galibi wata cuta ce ta hanji mai maganinta na musamman. Ku tambaye shi kuma maganin tsutsar ciki tsakanin mako na biyu da na uku, don akwai wata doguwar tsutsa da ke bin nonon uwa ta shiga ɗan. Iyayenmu mata, a kula da wannan: wasu cututtukan zawon maraƙi suna kama mutane, musamman ƙananan yara. Wanda ya taɓa mai zawo ya wanke hannu da sabulu, kuma mai ciwo shi ake ba abinci a ƙarshe.

Saura yaye. Mutane sukan tambaya wata nawa ake yaye maraƙi. Amsar tana ga tumbi, don maraƙi ba ya rayuwa babu madara sai tumbinsa ya fara aiki, abin da ke tayar da tumbi kuwa shi ne tsaba da ruwa. Saboda haka shirin yaye tun makon farko yake farawa. Daga rana ta 4 muka ajiye mata ruwa mai tsabta a wani bokiti dabam, ana sauyawa kullum. Wasu suna cewa ai madara ruwa ce. E, amma mun ce madara tana tsallake tumbi, ruwan da ta sha da kanta shi ke shiga can. Muka kuma fara sa mata ɗan haɗin abinci cikin tafin hannu, muna shafa mata a baki in ta gama shan madara.

Haɗin namu a kowane kilo 10 shi ne ɓarzajjiyar masara kilo 5, dusar alkama kilo 2 da rabi, tunkuzar gyaɗa ko ta waken suya kilo 2 da rabi, sai gishiri giram 100 da garin ƙashi giram 200. A ɓarza kawai, kada a niƙa ya yi laushi. Tunkuzar da ta yi fumfuna a zubar, kuma a nan Kurmi abu ba ya wuyar yin fumfuna, don haka kada a haɗa da yawa a ajiye. Angurya da takin zamani da ake haɗa wa manyan shanu na kiwo, kada su kusanci ɗan maraƙi, tumbinsa bai isa ya sarrafa su ba, suna iya kashe shi. Abin da ta rage kullum a kwashe a ba manya, a zuba sabo. Daga mako na 3 muka rataya mata 'yar harawa mai laushi. A wajen nan ne muka fara ganin tana tuƙa, alamar tumbi ya farka.

Muna auna abin da muka zuba da safe, mu auna ragowar washegari, bambancin shi ne abin da ta ci. Har mako na 6 ba ta wuce giram 400 ba, don madara ta ishe ta. Da muka fara rage madara a mako na 7 sai cin ya hau, dalilin ragewar ke nan. Sharaɗin da muke bi shi ne ta cinye kilo 1 a rana, kwana uku a jere, nauyinta ya ninka na haihuwa, kuma tana cikin ƙoshin lafiya. Ɗan Bunaji zalla, da yake ya fi ƙanƙanta, giram 750 ya isa. Tamu ta cika sharaɗin a cikin mako na 10, muka sake rataya ta a sikeli, da ƙyar wannan karon, ta yi kilo 58. Washegari ba a kawo madara ba. Ta yi kuka kwana biyu ta haƙura. Da a ce ba ta kai ba, da mun ci gaba da lita ɗayan nan har mako na 12 ko fiye, don maraƙin da aka yaye tumbi bai nuna ba shi ne za ka gani da ƙaton ciki da siraran ƙafafu, ya shekara bai yi girman wata shida ba.

Bayan yaye mun bar ta a kejinta da abincinta mako biyu ba mu sauya komai ba. Ba a haɗa yaye da ƙaura, ko dandaƙa, ko doguwar tafiya a mako ɗaya. Da mako biyun suka cika sai muka haɗa ta da tsararrakinta, aka fara fitar da su kiwo da hantsi bayan raɓa ta bushe, ana duba kaska a kunne da hantsa da gindin wutsiya duk yamma.

Shugaba ya yi mana nuni da agogo. Sikelin da bokitin da muka yi bayani mun zo da su, suna bakin ƙofa, wanda ke son ganin yadda ake sa yatsa a koya wa maraƙi sha ya same mu a can in an tashi.